Zangon 2.4 da Zangon 5 na Waifai: Bambancinsu da Muhallin Amfani da Kowannensu a Ƙasar Haɗeja

Tsakure

Yawancin na'urorin rarraba intanet na cikin gida, waɗanda ake kira rauta, suna watsa waifai ta zanguna biyu, wato gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Mutane da dama suna ɗaukar na biyun a matsayin wanda ya fi kyau a kowane hali, wasu kuma suna rikita shi da sabis ɗin 5G na kamfanonin waya. Wannan muƙala ta bayyana bambancin zangunan biyu ta fuskar nisa da ratsa bango da cunkoso da sauri, tana ɗora bayanin a kan tsarin gidaje da yanayin ƙasar Haɗeja. An bi lissafin ƙarfin sigina a wani gida na misali tun daga zaure har ƙuryar ɗaki, an nuna yadda ake gane inda matsala take, sannan an duba abin da ke sauyawa idan za a haɗa gini da gini a tsallaken fadama.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe jerin waifai a wayarsa a harabar Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja, ko a wani shagon buga takardu na cikin gari, yana iya cin karo da suna guda ya fito sau biyu, ɗaya a sake, ɗaya kuma da ƙarin `5G` ko `5GHz` a ƙarshensa. Rauta ɗaya ce ke watsa su duka, daga layin waya ɗaya, da data ɗaya. Abin da ya raba su shi ne zangon da kowanne ke bi tsakanin rautar da wayar mai amfani.

Ya kamata a kawar da ruɗani guda tun daga farko. Wannan `5G` na ƙarshen sunan waifai taƙaitawa ce ta gigahaz 5, ba shi da dangantaka da sabis ɗin 5G wanda Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta yi gwanjon zangonsa a watan Disamba na 2021, kamfanin MTN kuma ya fara aiki da shi a 2022. Wancan yana nufin zubi na biyar na fasahar wayar salula, yana kuma tafiya ne tsakanin turken sabis da layin waya, a kan gigahaz 3.5. Mutum zai iya hawa waifai mai ɗauke da `5G` a ƙauyen da ko 4G ba ta zauna da gindinta ba.

Abin da muƙalar ke son tabbatarwa shi ne, babu zangon da ya fi ɗan'uwansa a kan kansa. Bangon da ke tsakanin mutum da rauta, da yawan maƙwabtan da ke watsa nasu waifai, da irin aikin da za a yi, su ne ke yanke hukunci.

2.0 Ma'anar Zango

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan ilimi ta hanyar rediyo. Tun lokacin da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, kunnen mai sauraro ya saba da jin gajeren zango da matsakaicin zango, da mita 31 da mita 25 da mita 19. Waɗannan mitoci tsawon igiyar rediyo guda ɗaya ne, daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa. Gwargwadon yawan kaɗawar igiya a daƙiƙa, gwargwadon gajartarta, kuma lissafin mai sauƙi ne: a raba 300 da yawan kaɗawa a ma'aunin megahaz, sai a sami tsawon igiya a ma'aunin mita. Tashar da ke kan megahaz 9.6 igiyarta ta kai kimanin mita 31. Tashar FM da ke kusa da megahaz 100 tata mita 3 ce.

Idan aka bi wannan lissafi, gigahaz 2.4, wato megahaz 2,400, yana ba da igiya mai tsawon santimita 12.5, wadda ba ta kai taƙi guda ba. Gigahaz 5.2 kuwa yana ba da ƙasa kaɗan da santimita 6. Saboda haka kalmar zango ta dace da wannan fage ba tare da an ƙirƙiro sabuwa ba, kuma da ita za a ci gaba: zangon 2.4 da zangon 5. Sai dai kwatancin rediyo yana da iyaka. Gajeren zango yana kaiwa nesa ne domin igiyarsa tana dukan wani sashe na sararin samaniya ta dawo ƙasa. Igiyar waifai ba ta yin haka; tafiyarta kusan miƙaƙƙiya ce, abin da ya tare ta kuma ko dai ta ratsa shi da asara, ko ta yi tsalle daga jikinsa.

Dalilin da ya sa waifai ta sauka a waɗannan wurare biyu na tarihi ne. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wasu zanguna ga jama'a ba tare da lasisi ba, ciki har da 2.4, wanda dama an bar shi ga na'urorin masana'antu da na asibiti da tandun ɗumama abinci mai aiki a gigahaz 2.45. Ƙa'idar farko ta cibiyar IEEE mai lamba 802.11 ta fito a 1997 da saurin megabit 2 a daƙiƙa. A 1999 aka sami 802.11b a zangon 2.4 da megabit 11, da 802.11a a zangon 5 da megabit 54. Na farkon ya fi araha, shi ya cika kasuwa, kuma wannan rinjaye bai gushe ba: har yau ƙananan mifai na aljihu da wayoyi masu sauƙin kuɗi da kyamarorin tsaro da yawa zangon 2.4 kaɗai suke gani. Ƙa'idar 802.11n ta 2009 tana aiki a zangunan biyu, 802.11ac ta 2013 kuwa a zangon 5 kawai.

3.0 Nisa da Bango

Ana auna ƙarfin siginar da ta iso waya da ma'aunin `dBm`, lambar kuma tana zuwa da alamar ragi. Wadda ta fi kusa da sifili ita ce mafi ƙarfi: -40 sigina ce mai ƙarfi ƙwarai, -67 ita ce iyakar da masu aikin suka saba ɗauka ga kiran murya da na bidiyo, daga -80 zuwa ƙasa haɗin yana yankewa, a wajen -90 kuma sigina ta nutse cikin hayaniya. Ma'aunin ba ya tafiya ɗaya bayan ɗaya kamar ƙirgen kuɗi. Ragin desibel 3 yana nufin rabin ƙarfi ya tafi, ragin 10 kuma yana nufin kashi ɗaya cikin goma ne ya rage.

A fili, inda babu abin da ya tare, zangon 2.4 yana asarar desibel 40 a mita ɗaya ta farko, zangon 5 kuma kimanin 47. Daga nan duk lokacin da nisa ya ninka biyu sai kowannensu ya ƙara asarar 6. Wannan tazara ta desibel 7 tana nan daram ko'ina, ma'anarta kuma ita ce ƙarfin da zangon 5 ke da shi a mita 10, zangon 2.4 yana da shi a mita 20 da 'yan kai. Akan ji ana cewa iska ce ke cinye zangon 5. Ba haka ba ne. Eriyar da aka yanka daidai da gajeriyar igiya ƙarama ce, don haka abin da take tarowa kaɗan ne, kamar yadda ƙaramar koma ba ta kama abin da babbar taru ke kamawa a ruwa guda. Wannan bayani zai yi amfani a sashe na ƙarshe, inda girman eriya ke juya lissafin.

Bango shi ne babban alƙali. Igiya tana asarar ƙarfi a cikin abu gwargwadon kaurinsa da danshinsa, kuma gajeriyar igiya ta fi asara a kauri guda. Ginin ƙasa na tubali, irin wanda har yanzu ake gani a tsofaffin unguwannin Haɗeja da ƙauyukan Auyo da Guri da Kiri Kasamma, ya fi bulon siminti kauri nesa ba kusa ba, ga shi cike yake, alhali bulo yana da rami a ciki. Da damina kuma jikinsa yana shan ruwa, musamman daga gindi a wuraren da ruwan ƙasa ke kusa, ruwa kuwa yana shanye igiyoyin zangunan biyu. Ƙarfe ya fi duka tsanani: ƙofar ƙarfe da rufin kwano da shagon kwantena ba sa barin ko wane zango ya ratsa, sai abin da ya zagaya ta taga ko ta ƙofa a buɗe. Ruwan sama da ke zuba da ƙurar hunturu, waɗanda aka fi ɗora wa laifi, ba su da wani tasiri a tazarar cikin gida.

3.1 Lissafin Gida Guda

Mu ƙaddara gida irin na gargajiya: zaure a bakin ƙofa, sai tsakar gida, sai ɗakuna a kewaye. Maigida ya ajiye rauta a zaure, tana fitar da ƙarfin `20 dBm`, wato miliwat 100, a kowane zango. Domin lissafi, mu ɗauka kowane bangon ƙasa busasshe yana cin desibel 10 a zangon 2.4 da 18 a zangon 5. Kowane bango da nasa hali, awo ne ke fitar da shi, amma rinjayen asara a zangon 5 ba ya sauyawa.

Wanda ke zaune a zauren, mita 3 daga rauta, asararsa ta nisa desibel 50 ce a zangon 2.4 da 57 a zangon 5. Zai ga -30 da -37. Dukansu sun wadatar, saboda haka zangon 5 ne zaɓinsa, domin ya fi faɗi kuma ya fi sauri. Wanda ke tsakar gida a mita 10, yana hango rautar ta ƙofar zaure, zai sami -40 da -47. Shi ma hukuncinsa ɗaya ne.

Ɗakin farko yana mita 15, da bango ɗaya a tsakani. Asarar nisa ta zama 64 da 71, idan aka ƙara ta bango ta koma 74 da 89. Wayar za ta ga -54 a zangon 2.4, da -69 a zangon 5. Nan ne bakin iyaka. Zangon 5 yana aiki, amma ya riga ya gangara ƙasa da -67, kuma ya isa mutum ya juya wa rauta baya ko a rufe ƙofa sai kiran bidiyo ya fara tsinkewa, domin jikin ɗan'adam ma ruwa ne mafi yawansa. Da rani ana iya lallaɓawa a haka. Idan damina ta sauka bangon ya jiƙe ya ƙara cin ko da desibel 5, zangon 5 ya koma -74, zangon 2.4 kuma yana kan -59 cikin kwanciyar hankali. Wannan shi ne asalin ƙorafin da akan ji cewa waifai ta lalace da damina, alhali rautar lafiyarta ƙalau.

Ƙuryar ɗakin uwargida tana mita 20, bayan bango biyu. Zangon 2.4 ya yi asarar 66 da 20, ya iso da -66, wanda ya ishi karatu da kira. Zangon 5 ya yi asarar 73 da 36, ya iso da -89, wato babu shi. Tazarar desibel 7 ta fili ta zama 23 bayan bango biyu kacal.

Akwai abin da lissafin bai nuna ba. Magana tsakanin rauta da waya kai da komowa ce, kuma waya ba ta kai rauta ƙarfin murya ba, eriyarta ma ƙarama ce a cikin tafin hannu. Don haka yakan faru waya ta nuna sanda biyu ko uku na sigina, domin tana jin rauta, amma shafi ya ƙi buɗewa, domin rauta ba ta jin amsarta. Sayen rauta mai ƙarfin watsawa ba ya magance wannan. Abin da ke magance shi, a gidan misalinmu, shi ne ɗauke rautar daga zaure a rataye ta sama da kai a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, inda kowane ɗaki bango ɗaya ne ko ƙofa kawai ke tsakaninsa da ita. Tsarin gidan Bahaushe, da ɗakuna ke fuskantar fili guda, ya fi dogon gidan bene sauƙin wannan gyara. Matsalar dai ta al'ada ce: baƙi da abokan maigida a zaure suke tsayawa, su ne kuma za su koma bayan bango.

4.0 Cunkoso

Da nisa ne kaɗai abin dubawa, da zangon 2.4 ya wadatar. Rauninsa ƙunci ne. Faɗinsa duka megahaz 83.5 ne, an yanka shi tashoshi 13 masu tazarar megahaz 5 tsakaninsu, alhali kowace rauta tana buƙatar faɗin megahaz 20. Sakamakon haka tashoshi uku ne aka saba amfani da su ba tare da sun hau juna ba, wato 1 da 6 da 11. Wanda ya zaɓi tasha ta 3 da nufin kauce wa maƙwabta ya shiga gonar masu 1 da masu 6 gaba ɗaya, kuma irin wannan shiga ta fi zama a tasha guda muni, domin na'urorin da ke tasha ɗaya suna jin juna su yi layi, waɗanda suka hau juna rabi da rabi kuwa hayaniya kawai suke yi wa juna. A cikin wannan ƙuncin ne kuma bulutut na abin sauraro da na lasifika ke aiki.

Ƙa'idar waifai ita ce kowace na'ura ta saurara kafin ta yi magana, idan ta ji wata na magana ta jira. Lokacin iska, ke nan, shi ake rabawa. Aika megabayit ɗaya, wato megabit 8, yana ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin tara na daƙiƙa ga wayar da ke haɗe a kan megabit 72. Wayar da ke can nesa, wadda raunin sigina ya tilasta mata sauka zuwa megabit 6, tana buƙatar daƙiƙa ɗaya da sulusi, ninki goma sha biyu, kuma duk tsawon lokacin sauran suna jira. Mutum guda da ke kallon bidiyo daga bayan katanga yana iya jawo wa duk gida nauyi.

Zangon 5 yana da tashoshi sama da ashirin masu faɗin megahaz 20 waɗanda ba sa hawan juna, ana kuma iya haɗa huɗu su zama guda mai faɗin 80. Daga nan saurinsa ya samo asali: waya mai eriya ɗaya tana haɗuwa a kan megabit 433 a faɗin 80, maimakon 72 a zangon 2.4. Sannan raunin da yake da shi wajen ratsa bango ya zama alheri a wurin cunkoso, domin siginar maƙwabci ma ba ta shigowa. A ɗakin kwanan ɗalibai, ko layin masu sayar da waya a kasuwar Haɗeja, inda kowa ya kunna hosfot ɗinsa, zangon 5 ne mafita ko da ba a buƙatar sauri. A gidan gona a gefen Baturiya kuwa, inda babu wata rauta a kusa, tashoshin 2.4 ukun nan duk na mutum ne shi kaɗai.

Tashoshin zangon 5 daga 52 zuwa 140 ana tarayya da na'urorin rada a kansu. Rautar da ke kan ɗaya daga cikinsu takan saurara na kimanin minti ɗaya kafin ta fara watsawa, wasu wayoyi kuma ba sa ganinsu. Idan waya ta kasa ganin zangon 5 alhali tana da shi, a gwada mayar da rauta tasha 36 zuwa 48.

5.0 Inda Saurin Ba Ya Amfani

Rautar da aka fi amfani da ita a wannan yanki mai cin layin waya ce. Tana da fuska biyu: ɗaya tana magana da turken sabis, ɗaya tana magana da na'urorin gida. Zaɓin zango ya shafi fuska ta biyu ce kawai. Idan turke yana ba da megabit 10 a daƙiƙa, to 10 ɗin ce za ta iso, ko an bi ta zangon da ke ɗaukar 40 ko wanda ke ɗaukar 250. Faɗaɗa bakin kwata ba ya ƙara ruwan da ke fitowa daga famfo.

Misalin da ya shafi masu nazarin Hausa kai-tsaye shi ne na ɗaukar bayanai. A ce mai bincike ya naɗo hira da masunta a bidiyo, fayil ɗin ya kai megabayit 500, wato megabit 4,000. Saurin da ake samu a aikace yakan tsaya tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku na wanda aka rubuta. Idan zai tura fayil ɗin daga waya zuwa kwamfutarsa ta cikin rauta, ba tare da ya fita intanet ba, a kan megabit 40 zai ɗauki daƙiƙa 100, a kan 250 kuma daƙiƙa 16. Nan zangon 5 ya yi rana, balle idan faya-fayan sun kai talatin. Amma idan zai aika wa mai duba aikinsa a Kano ta intanet, turke kuma yana karɓar megabit 5 a daƙiƙa, zai jira daƙiƙa 800, sama da minti 13, a kowane zango. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane: a sayi rauta mai zango biyu da tsada domin maganin jinkirin da tushensa yana can a turke.

Fuskokin nan biyu sukan yi jayayya a kan wurin ajiya. Sabis ya fi kyau a bakin taga ta ɓangaren turke, waifai kuma ta fi son tsakiyar gida. Inda sabis ke da rauni, gara a bi taga, a bar zangon 2.4 ya ɗauki nauyin ratsa bango.

6.0 Gane Inda Matsala Take

Gani ya kori ji, kuma awon ba ya buƙatar kayan aiki na musamman. A kwamfuta mai Windows, wannan umarni yana nuna halin haɗin da ake kai:

```
netsh wlan show interfaces
```

Layin `Channel` yana faɗin zango: daga 1 zuwa 13 zangon 2.4 ne, daga 36 zuwa sama zangon 5. Layin `Signal` yana ba da ƙarfi a kashi cikin ɗari, inda kimanin kashi 66 ya yi daidai da -67. Layin `Receive rate (Mbps)` kuma yana nuna saurin da aka daidaita a kai tsakanin kwamfuta da rauta. Bayan haka sai a gwada hanyar da ke tsakanin su biyun kaɗai, da adireshin rautar wanda yawanci ake rubutawa a ƙarƙashinta:

```
ping -n 50 192.168.0.1
```

Idan amsoshin suna dawowa cikin 'yan milidaƙiƙa kaɗan, babu wadda ta ɓace, amma intanet na jan ƙafa, waifai ba ta da laifi. Matsalar tana tsakanin rauta da turke, sauya zango kuma ɓata lokaci ne. Idan sigina ta yi ƙasa kuma amsoshi na ɓacewa a zangon 5, bango ne, sai a koma 2.4 ko a matsar da rauta. Hali na uku shi ne mafi ruɗarwa: sigina cike, kashi 90 ko fiye, a zangon 2.4, amma lokutan amsa suna tsalle daga 3 zuwa ɗaruruwa, musamman bayan sallar isha'i da kowa ya dawo gida. Wannan cunkoso ne, maganinsa zangon 5, ko aƙalla a tsayar da rauta a kan 1 ko 6 ko 11, a kuma bar faɗinta a `20 MHz`.

Rautoci da yawa suna haɗa zangunan biyu a suna guda, ƙarƙashin zaɓi irin `Smart Connect`, su bar na'ura ta yi zaɓi. A gidan bulo mai ɗaki biyu wannan ya wadatar. A gida mai kaurin bango ya fi kyau a raba sunayen, domin waya takan maƙale wa zangon da ta fara kamawa: ta shigo daga waje a kan 2.4 ta zauna a kansa ko tana gaban rauta, ko ta riƙe zangon 5 har ƙuryar ɗaki tana fama. Raba suna yana kuma sauƙaƙa haɗa kyamara da sauran na'urorin da 2.4 kaɗai suka sani. Haka abin yake ga hosfot na waya: a wayoyin Android da yawa zaɓin yana ƙarƙashin `AP band`, a iPhone kuwa kunna `Maximize Compatibility` yana mayar da shi zangon 2.4.

7.0 Tsallaken Fadama

Duk abin da ya gabata ya shafi eriya mai watsawa ko'ina. Idan ana son kai intanet daga gini zuwa wani mai nisan kilomita ɗaya, misali daga ofis a gari zuwa rumbun ajiya a gonakin shinkafa na Auyo, hukuncin yana juyawa, zangon 5 ya zama shi ne na nesa. Dalili na farko shi ne eriya. An ce asarar desibel 7 ta samo asali ne daga ƙanƙantar eriya; idan aka yi amfani da faranti mai tattara igiya wuri guda, faranti mai girma ɗaya yana ba zangon 5 ribar kimanin desibel 7 fiye da 2.4. Da faranti a kowane gefe an sami 14, an biya 7, an ci ribar 7, ga ƙarancin hayaniya.

Dalili na biyu shi ne sararin da igiya ke buƙata a kewayen layin gani. Bai isa eriya ta hango eriya ba. Akwai wani fili mai siffar ƙwai a tsakaninsu da ya kamata ya zama babu shinge. Ana lissafa rabin kaurinsa a tsakiyar hanya, a ma'aunin mita, kamar haka, inda d nisa ne a kilomita, f kuma zango a gigahaz:

r = 8.66 × √(d / f)

A kilomita ɗaya, zangon 2.4 yana buƙatar mita 5.6, zangon 5.8 kuma mita 3.6, ƙa'idar aiki kuma ita ce kashi 60 cikin ɗari na wannan ya kasance a share, wato mita 3.4 da 2.2. Ƙasar Haɗeja shimfiɗaɗɗiya ce, babu tudun da za a hau, don haka kowace mita ta tsawo da ƙarfen turke ake sayenta. Idan akwai darbejiya mai tsawon mita 8 a tsakiyar hanya, layin gani sai ya wuce mita 11.4 a zangon 2.4, ko 10.2 a zangon 5. Wanda ya yi awo da rani ya tuna cewa itatuwa za su ƙara ganye, jiƙaƙƙen ganye kuma ya fi cutar da zangon 5.

Ruwan fadama yana kawo tasa matsalar. Busasshiyar gona tana warwatsa igiyar da ta faɗo mata, amma shimfiɗaɗɗen ruwa, irin wanda ke kwanciya a watannin Agusta da Satumba, ya kuma mamaye yankin a ambaliyar 2020 da ta 2022, yana mayar da ita kamar madubi. Sai igiya biyu su iso eriya, ɗaya kai-tsaye, ɗaya daga fuskar ruwa, idan kuma tazarar tafiyarsu ta sa ƙololuwar ɗaya ta faɗa a kwarin ɗaya, sai su kashe juna. Alamar wannan ita ce haɗin da ya yi watanni lafiya ya fara hawa da sauka yayin da ruwa ke ƙaruwa, ba tare da an taɓa komai ba. Faranti mai matsattsen haske, wanda ya fi samuwa a zangon 5, yana rage abin da ke dukan ruwa. Idan hakan bai isa ba, sai a sassauta maƙalar eriya ɗaya a riƙa ɗaga ta ko sauke ta kaɗan-kaɗan, ana kallon lambar `dBm` a shafin na'urar, har a sami tsawon da igiyoyin biyu ke ƙarfafa juna, sannan a sake duba shi idan ruwa ya janye a watan Nuwamba.